Rizistona yana ƙonewa duk bayan kwana biyu

Tambaya: Malam, na haɗa 'yar jar fitilar led a kan batirin solata mai bolt 12, da rizisto om 470, rubu'in wat. Duk bayan kwana biyu sai ya yi baƙi ya ƙone. Ko jabu ake sayar mini? Daga wani makaranci a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, bar mai shago ya sha iska, laifin lissafinka ne. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum zai zauna ya karanta launukan rizisto tsaf har ya fitar da om ɗinsa, amma zancen wat ko oho, duk wanda hannu ya kai kansa a cikin gwangwani shi ne. Alhali om yana tsayar da yawan wutar da za ta wuce ne kawai. Wat kuwa shi ke faɗa maka zafin da jikin riziston zai iya fitarwa ba tare da ya gasu ba.

Mu yi lissafin naka. Jar fitila tana riƙe kusan bolt 2, saura 10 su faɗa kan rizisto. Ƙa'idar ita ce wannan, inda P yake nufin wat, V bolt ɗin da ke kan rizisto, R kuwa om ɗinsa:

```
P = V × V ÷ R
10 × 10 ÷ 470 = 0.21
```

Wato wat 0.21 a kan abin da iyakarsa 0.25. Tun a nan ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. To ina ma abin ya tsaya nan! Batirin da ake kira mai bolt 12 ba ya zama a 12 idan rana ta take, yana caji yakan haura zuwa 14.4. Sa mita da azahar ka gani da idonka. A lokacin bolt 12.4 ne a kan riziston, lissafi ya koma wat 0.33. Ka lura, bolt ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, amma zafi ya ƙaru da fiye da rabi, domin bolt ɗin sau biyu yake shiga lissafi. Shi ya sa fentinsa ke komawa ruwan ƙasa daga tsakiya, launukan su dushe, ka fara jin ƙauri, daga nan ya yanke.

Al'adata, wadda ba na sassautawa, ita ce in yi lissafi da bolt mafi girma da na'urar za ta taɓa gani, in ninka amsar biyu, sannan in ɗauki girman da ke sama da ita. Naka 0.33 sau biyu ya ba da 0.66, rabin wat bai kai ba, don haka mai wat 1 za ka saya. Ninkin nan yana da dalili. Lambar da masana'anta ke bayarwa ga irin waɗannan ƙananan, galibi tana aiki ne muddin iskar da ke kewaye da riziston ba ta wuce digiri 70 ba, daga nan ƙarfinsa sai raguwa. Ka tuna akwatin ƙarfe a rufe ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, waje ma ya haura digiri 40, ga sauran kayan ciki kowa na fitar da nasa zafin. Idan za ka liƙa shi, ɗaga shi kaɗan daga allon iska ta ratsa ƙarƙashinsa, kada kuma ka naɗe shi da salatif.

Da ni ne ma, om 1000 mai rabin wat zan sa. Zafin ya sauko zuwa wat 0.15, fitilar kuma da miliamfiya 12 haskenta ya isa ta nuna maka akwai wuta.

Tambaya: Ba a samun mai wat 1 a garinmu. Yaya zan yi? Daga Mayahi.

Amsa: Haɗa biyu masu rabin wat kafaɗa da kafaɗa, wato ƙafafunsu a haɗe ta kowane gefe, kowanne om ɗinsa ninki biyu na wanda kake nema. Om 1000 guda biyu za su ba ka 500, su raba zafin daidai. Amma su zama om ɗaya, in ba haka ba mai ƙaramin om zai kwashi kaso mafi yawa.

Tambaya: Idan na sa mai wat 2 a gurbin mai rabin wat, ba zai ja wuta da yawa ya kashe na'urar ba? Daga Zariya.

Amsa: Haba Malam, ai ba injin niƙa ba ne. Muddin om ɗaya ne, wutar ɗaya ce, wuri kawai zai ci. Sai dai ka kiyayi wuri guda: riziston da ke bakin shigar wuta a cajar waya da wasu ƙwayayen fitila, sau da yawa aikin fis yake yi, an ƙera shi ne ya yanke idan matsala ta auku. Wannan irinsa sak za ka mayar, bayan ka gano abin da ya ƙona shi. Kuma cire cajar daga soket, ka sauke wutar da ta rage a kafasita, kafin ka kai hannu.