Ƙanena a Urumqi sai goma yake fita aiki, wai gari bai waye ba

Tambaya: Salam Malam. Ƙanena ne ya yi shekara biyu a Guangzhou yana min lodin kaya, yanzu aiki ya mayar da shi wani gari Urumqi, duk dai a Chaina. Tunda ya koma sai ƙarfe goma yake fita aiki, sha biyun dare kuma idonsa biyu, in na yi faɗa ya ce wai gari ne baya wayewa da wuri. Alhali agogonsu ɗaya da Guangzhou, na duba da kaina. Ina tsoron ko yaron nan ya fara lalacewa ne. Sannan na tura masa taimtebur ɗin sallah da shan ruwa na Chaina da ake yawo da shi a gurup ɗinmu na ƴan kasuwa, ya ce ba zai masa amfani ba. Don Allah a warware min. Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, yaron nan gaskiya ya faɗa maka, kuma maganar taimtebur ɗin da ya ƙi karɓa shi ne da gaskiya ba kai ba, ka yi haƙuri da na faɗa kai tsaye. Zan zo kanta don ita ce ta fi damuna.

Chaina faɗinta daga yamma zuwa gabas ya haura digiri 60 na lonjitud, ka san kuma rana tana cin digiri ɗaya ne a minti huɗu, wato tsakanin ƙarshen gabas da ƙarshen yamma akwai tazarar sama da awa huɗu. A da agogo biyar suke da shi, daga 1949 da gwamnatin kwaminis ta hau aka dawo da kowa kan agogo ɗaya, wanda suke ce wa lokacin Beijing, shi ne yake gaban namu da awa bakwai. Agogon nan an ɗora shi ne a kan layin digiri 120 gabas. Guangzhou tana wajen 113, kusa take da layin, rana tana tsayuwa tsaka wajen 12:27, kusan daidai da yadda muke gani a nan Kano, shi ya sa shekara biyun da ya yi can ba ka taɓa jin wani abu ya canza ba. Urumqi kuwa tana 87 da rabi. Ka cire daga 120, saura 32 da ɗoriya, ka ninka da huɗu, minti 130 kenan. Rana ba ta tsayuwa tsaka a garin sai wajen 2:10 na agogo.

Toh ka ga ƙarfe goman da yake fita, a wajen rana takwas saura minti goma ne. In ka kwatanta da Kano kamar mutum ya fita takwas da kwata ne, kai kanka ban jin ka buɗe shago kafin nan. Kuma ba shi kaɗai ba ne, haka duk lardin Xinjiang yake tafiya, ofisoshi da bankuna goma suke buɗewa, abincin rana sai wajen biyu, a tashi aiki bakwai da rabi ko takwas. Gwamnati ta ƙi taɓa agogo, sai mutane suka ture rayuwar gaba da awa biyu. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Urumqi sai wajen 9:40, a Yuni kuma sai goma saura na dare take faɗuwa, wanda ya yi magariba goma saura ai ba za ka ce ya kwanta sha ɗaya ba. Sha biyun daren da kake ganinsa a onlayin, kai a nan biyar na yamma ne, shi kuma a jikinsa goma saura ne, don jikin mutum haske yake bi ba lambar da ke kan waya ba. Ma in ya nausa yamma zuwa Kashgar abin ya fi haka, can rana tsaka sai uku saura kaɗan, da hunturu kuma goma ta wuce kafin rana ta leƙo.

Abu ɗaya da zai kiyaye, garin agogo biyu ne ke aiki a bakin mutane. Yawancin ƴan ƙabilar Uyghur suna lissafi da nasu lokacin na gida wanda yake bayan na Beijing da awa biyu, ƴan Han kuma na Beijing suke bi. Jirgin sama da jirgin ƙasa da duk takardar hukuma na Beijing ne babu tantama. Amma in ya yi alƙawari da mai mota ko dillali aka ce ƙarfe huɗu, ya tambaya huɗun wa, in ba haka ba zai yi zaman awa biyu ko ya tarar an watse. Ya tambaya kawai ya wuce, kar ya tsaya muhawarar wanne ne daidai, maganar agogo a yankin nan akwai siyasa a cikinta kuma shi baƙo ne.

Yanzu taimtebur. Wallahi Alhaji wannan abu ya ishe ni, duk shekara azumi na ƙaratowa sai an turo min irinsa, an yi masa ado da hoton wata da fitila an rubuta sunan ƙasa guda a sama, Chaina ko Indiya ko Najeriya, babu sunan gari. Babu wani abu wai shi lokacin shan ruwan ƙasa. Agogo yarjejeniya ce ta hukuma, gobe in ta ga dama ta canza shi, Kazakhstan maƙwabciyarsu ma a Maris 2024 ta haɗe agogonta biyu ya koma ɗaya, rana kuwa ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Lokacin sallah da rana aka ɗaure shi, zawali, tsawon inuwa, faɗuwar rana, ɓacewar shafaƙi, ketowar alfijir, duk a inda kake tsaye. Mutane sun ɗauka tunda agogon garuruwa biyu ya zo ɗaya to ranarsu ma ɗaya ce, daga nan ɓarnar take farawa.

Bari mu yi lissafin da naka taimtebur ɗin, tunda na gurup ɗin ƴan kasuwa ne na san na Guangzhou ne aka kwafo. Ɗauki 20 ga Maris, lokacin da dare da rana suke kusan daidai a ko'ina. Rana tana faɗuwa a Guangzhou wajen 6:38 na yamma. A Urumqi sai wajen 8:20. Tazarar awa ɗaya da minti arba'in da wani abu. Da yaron nan ya bi ka, zai kai dabino baki rana tana sama tangararan, la'asar sakaliya ma ba ta yi ba. Azahar fa? Ya saba yinta ɗaya ko ɗaya da rabi a Guangzhou, in ya yi haka a Urumqi ya yi ta kafin zawali, sallah ce kafin shigar lokaci, kullum, wata da watanni. Asuba ma haka, sanda taimtebur ɗinka ya ce alfijir ya keto shi can da sauran dare fiye da awa guda. Da bazara ya fi muni saboda Urumqi ta yi arewa sosai yininta dogo ne, a Yuni Guangzhou magariba bakwai da kwata, shi sai goma saura biyar, an doshi awa uku kenan. Hukuncin wanda ya riga ya yi hakan cikin rashin sani wannan na malaman fiƙihu ne a tambaye su, ni nawa in gaya maka inda rana take.

Kuma kar mu yi ta kallon Chaina, abin yana nan a gidanmu. Najeriya agogo ɗaya ne daga Badagry har bakin tafkin Chadi, faɗin kusan digiri 12, wajen minti 48. Maiduguri tana riga Kano shan ruwa da kamar minti 18, Kano tana riga Gusau da kamar bakwai, Sakkwato da kamar 13. Direba ya taso daga Kano ya wuce Talata Mafara, rediyon Kano a kunne, an ce an sha ruwa, sai ya ɗaga gora alhali ga rana can ja jawur a gaban gilashinsa yana kallonta da idonsa. Sanarwar ai cewa take Kano da kewaye, kewayen nan bai kai Zamfara ba. Akwai shekarar da wani mai buga kalanda ya kawo min aikinsa in duba, lokutan Kano ne ya ɗauka ya rubuta Arewa a kai zai kai kasuwannin Sakkwato da Kebbi, na ce masa malam wannan minti goma sha ne zaka sa mutane su ci da rana, ya ce wai ai ɗan bambanci ne kuma ya riga ya biya kuɗin farantin buga kalandar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mai tura abu a gurup ma haka, bai duba daga ina ya fito ba, shi dai a tura a samu lada, kowa ya zama masanin falaki da babban yatsa.

Hatta gari ɗaya lokacin baya tsayawa wuri guda. A nan Kano zawali yana sauka har wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ya hau har 12:40 a tsakiyar Fabrairu, rabin awa cur, don haka taimtebur ɗin bara na azumi ma ba ya aiki bana tunda watan yana matsowa da kwana goma sha ɗaya.

Abin da zaka gaya wa ƙanenka, in da manhajar waya yake duba lokaci ya tabbatar lokeshan ɗinta ya koma Urumqi, don da yawa suna maƙalewa a garin da aka fara saita su. Sannan ya duba setin agogon wayar, akwai `Asia/Shanghai` shi ne lokacin Beijing, akwai `Asia/Urumqi` wanda yake baya da awa biyu, wata wayar da kanta take tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ya kashe na otomatik ya zaɓi na Shanghai da hannu saboda kar jirgi ya tafi ya bar shi. Gwajin mai sauƙi ne, in agogonsa na kan lokacin Beijing kuma manhaja ta nuna masa azahar sha biyu da wani abu, to akwai matsala, wajen ƙarfe biyu ya kamata ya gani.

In yana son ya ga abin da idonsa, ya kafa sanda a miƙe a fili mai lebur ranar da ba ya aiki, daga ƙarfe ɗaya ya riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti goma. Zai ga tana ta raguwa har wajen biyu, inda ta tsaya ta fara ƙaruwa nan ne zawalin garinsa. Ya ɗauki hoton da agogo a gefe ya turo maka, kai kuma ka saka shi a gurup ɗin nan naku a ƙarƙashin taimtebur ɗin, ka roƙi wanda ya turo shi ya goge ko ya rubuta Guangzhou a kai.