Kada Ka Kafa Ƙusa Ɗaya Sai Baffanka Ya Dawo

"Maigida, ginin ɗakina ya kai linta. Ina so ka yanka mini katakon rufi, a riƙa cira a kuɗin aikina. Amma zuciyata ta rabu biyu. Shekara huɗu ina zuwa zance wurin yarinyar nan. Babanta muƙaddamin Tijjaniyya ne, ni kuma a masallacin Izala nake salla, ga Inna ta fi son 'yar ƙaninta. In rufa ɗakin ko in dakata?"

Ajiye zarton nan ka zauna, ɗana. Katako ba ya gudu. Ɗaki irin naka, ƙafa 12 da 12, bandir ɗaya da rabi na kwano zai rufe shi, da 'yan tubaifo da tubaitu da za mu ɗauko a 'Yan Katako na Na'ibawa. Mu shafe su da baƙin mai saboda gara, kwana biyu mun gama. Amma ran da aka ga kwano yana ƙyalli a kan ɗakin saurayi a garin nan, an gama sa masa rana a bakin mutane. Daga nan kunya ce za ta ja ka, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Bari in fara da wadda ka fi jin tsoro. Ina ɗan saurayi lokacin da aka kafa Izala a Jos a 1978, kuma da idona na ga yadda abin ya shigo ƙauyuka: wa da ƙani suka raba masallaci, wasu suka daina cin yankan juna. Yanzu ƙura ta lafa, ana aure tsakani ana zaune lafiya. Dukanku Musulmi ne, babu malamin kirki da zai ce maka auren bai halatta ba. Don haka ba fatawa kake nema ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka ba ni amsa yanzu. In ka je gaisuwa magariba ta riske ka a ƙofar gidansu, tsohon ya shiga gaba, za ka bi shi salla da zuciya ɗaya? In za ka bi, sauran duk mai sauƙi ne. In kuwa a ranka kana ganin sallarsa ba ta yi ba, to ta yaya za ka karɓi aure daga hannunsa? Shi ne waliyyinta. Shi zai ba da ita, ragon layyarsa za a aiko muku, jikokinsa kuma a tabarmarsa za su yi wasa. Ba a raina addinin mutum a ɓoye shekara ashirin, wata rana sai ya fito a fuska.

Sannan ka tambayi ita yarinyar ko ta karɓi wuridi da kanta, ko kuwa tasowa kawai ta yi ta ga ana yi a gida. Akwai bambanci babba. Wanda ya karɓa ya ɗauki alkawarin ba zai bari ba har mutuwa: lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga wazifa kullum, ga zikirin Juma'a bayan la'asar. Wannan a ɗakin da kake son in rufa za a riƙa yin sa, kana ji. In watan Maulidi ya kama za ta so a yi mata ɗinki ta je gidansu. Za ka bar ta? Kada ka ce a ranka in ta shigo za ka gyara ta. Da wannan lissafin wani yaro da ya koyi aiki a bencin nan ya yi aure.

Shi ma shekaru ya yi yana nema, kuma duk tsawon lokacin nan ba su taɓa tayar da maganar ɗarika ba, don kada zance ya yi tsami. Wata goma suka yi lafiya. Da ciki ya tsufa iyayenta suka ce ta zo gida goyon ciki, tunda haihuwar fari ce, ta yi wankan jegonta na kwana arba'in a gaban uwarta. Ya yarda da ƙyar. Ranar suna, tunda a ƙofar gidan surukin ake yi, tsohon ya tara almajiransa, aka buɗe addu'a da Salatul Fatihi, kuma ya nemi a sa wa jaririn sunan shehinsa. Abokan angon suka miƙe suka koma gindin darbejiya suka tsaya. Kowa ya gani. Ban ji an yi zagi ko ɗaya ba, amma da arba'in ta cika ba a mayar da ita ba. Biko uku muka yi, ni da kawunsa. Ɗakin aurensu da hannuna na yi masa silin, yau buhunan gero ne a ciki.

Duk abin da ya raba su, ana iya gama shi a zama ɗaya kafin a kai sadaki. Shi ya sa nake so baffanka ya shiga maganar. Kai ba za ka iya kallon idon tsohon ka tambaye shi ba, kuma bai dace ba. Baffanka ya ɗauki goro ya je da dattijo ɗaya, su yi magana a zaure: a ina za a yi haihuwar fari, wa zai raɗa suna, za a yi kamu da kiɗa ko walima kawai, lefe akwati nawa suke sa rai. Sadaki ba ya ba ni tsoro, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, kuma malamai irin surukinka ba su cika tsauwalawa ba. Lefe ne ke karya saurayi, shi kuma hukuncinsa a hannun mata yake, sai gwaggonka ta ji ta bakin uwar yarinya. Gwajin asibiti ma ku yi shi yanzu. Tun 2024 doka ce a Jihar Kano kafin ɗaurin aure, kuma in ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Gwamma ku sani tun ba a kai akwati ba.

Maganar Inna kuwa, ni ta fi damuna a kan ta ɗarika. Surukinka yana can unguwarsu, Inna kuwa tsakar gida ɗaya za su raba da matarka, murhu ɗaya, rijiya ɗaya, kai kana nan shago tun safe har magariba. Shari'a ba ta ba uwa ikon tilasta wa ɗa namiji mata ba, amma amaryar da ta shigo gidan da aka so wata, a gishirin miya ma za a sami laifinta. Ka sami Inna ita kaɗai bayan isha, ka tambaye ta ko ƙin yarinyar take yi, ko kuwa ta riga ta yi wa ƙaninta alkawari ne. In alkawari ne, manya suna iya warware shi. In ƙi ne, ka nemi dalili, ka saurara har ƙarshe ba ka katse ta ba. Wani lokaci tsofaffi sun san abin da ba a faɗa wa mai zuwa zance.

Kuma kada shekara huɗun nan ta zame maka igiya. Na san ka kashe kuɗin toshi da na salla, amma ita ta fi ka asara, don duk wanda ya zo an ce masa an yi mata miji. Ka yi istihara, ka ba kanka daga yau zuwa kaka. In amsoshin ba su yi maka ba, manyan da suka je su koma su ba da haƙuri da mutunci, kada ka bi ta hanyar ɗauke ƙafa, kuma kada ka nemi a mayar maka da ko ɗankwali.

Kafin nan ka sami leda mai kauri ka lulluɓe kan bangon, kada ruwan farko ya zaizaye maka shi. Ran Juma'a in mun dawo daga kasuwar Wudil zan biya ta wurin baffanka. Miƙo mini guduma, ƙofar Hajiya tana jiranmu.