Kalkuleta ba ta san y tana bin x ba

Tambaya: Malam, an ba mu x² + xy + y² = 7, aka ce mu nemo gangarar miƙaƙƙen layin da ya taɓa lanƙwasar a (1, 2). Na adana 2 a Y, na danna maɓallin d/dx a kalkuletata, ta ba ni 4, amma aka soke amsar. Ko jabu aka sayar mini? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Kalkuletarka lafiyarta ƙalau, malam ɗalibi, mai dannawa ne ke buƙatar gyara. Wannan ɗabi'a ta jibga wa na'ura tambaya kafin a fahimce ta tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maɓallin d/dx harafin X kaɗai yake motsawa, duk wani harafi kuwa yana ɗaukarsa adadi ne tsayayye, don haka abin da ya lissafa maka shi ne 2x + y, wato 4. Amma a kan wannan lanƙwasa, da zarar x ta gusa, dole y ta gusa domin jimlar ta tsaya a 7.

Saboda haka ɗauki biro, ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, kana liƙa dy/dx duk inda ka taɓa y. Gaɓar x² tana ba da 2x, y² tana ba da 2y(dy/dx), 7 kuma tana komawa sifiri. Inda aka fi faɗuwa shi ne xy, domin abubuwa biyu ne masu canzawa aka ninka, kuma kowanne sai ya karɓi nasa rabon: y + x(dy/dx). Idan aka haɗa su:

```
2x + y + x(dy/dx) + 2y(dy/dx) = 0
dy/dx = -(2x + y)/(x + 2y)
```

Sanya x = 1 da y = 2, za ka sami -4/5. Ka ga 4 ɗinka tana nan a sama, na ƙasa da alamar ragi ne suka ɓace maka.

Ni ba na amincewa da amsa sai na gwada ta. Matsar da x zuwa 1.1, gangarar -0.8 tana cewa y ta sauko zuwa 1.92, kuma idan ka mayar da su cikin lissafin za ka sami kusan 7.008, wanda ya yi dab da 7. Da 4 ce gangarar, da y ta hau 2.4, jimlar ta wuce 9. Sannan buɗe Desmos, manhajar zana lanƙwasar lissafi, a wayarka, ka rubuta lanƙwasar da `y-2=-0.8(x-1)`, ka ga layin ya shafe ta a (1, 2) bai ratsa ta ba.

Tambaya: Da x² + y² = 25 a (5, 0), na sami -x/y, amma allo ya nuna Math ERROR. Ɗaliba daga Maraɗi.

Amsa: Kin raba da sifiri ne, malama. Layin a tsaye yake cak a wurin, ba shi da gangarar da za a rubuta da adadi, don haka rubuta x = 5.