Yadda mai POS zai daidaita tsabar kuɗi da asusunsa da yamma

Tambaya: Ina sana'ar POS a Farin Gada, Jos. Kullum da yamma sai in ga tsabar hannuna ta ragu ƙwarai, kuɗin asusu kuma ya ƙaru, har na kasa gane ko riba nake ci ko jari. Yaya zan yi lissafin?

Amsa: Malam, jarinka kuɗi ɗaya ne da yake zaune a aljihu biyu, wato akwatin tsaba da asusun na'ura, kuma jimillarsu ita ce abin dubawa. Wanda ya cire kuɗi ya rage maka tsaba ya ƙara maka asusu, wanda ya ba ka tsaba ka tura masa kuwa akasin haka ya yi. Abin da ya halatta ya canza jimillar shi ne cajin da ka karɓa, da abin da kamfani ya zare, da abin da ka ɗiba da hannunka.

A ce ka buɗe da tsabar naira 150,000 da 250,000 a asusu, jimilla 400,000. Masu cirewa suka karɓi 320,000, masu turawa suka kawo 200,000, ka karɓi cajin 6,500 a hannu, kamfani kuma ya zare 1,800. Da yamma ya kamata ka ƙirga 36,500 a akwati, ka ga 368,200 a asusu, jimilla 404,700, wato ka samu 4,700 kafin a cire kuɗin kati, takardar rasit da abinci.

Idan lissafin ya ƙi, yanayin giɓin ne zai nuna maka inda za ka nema. Giɓi mai cikakken adadi, kamar 20,000 cif a asusu, galibi ciniki ɗaya ne: ko ka miƙa tsaba alhali cinikin bai kammala ba, ko ka yarda da saƙon da mutum ya nuna maka a wayarsa. Bi tarihin cinikin da ke cikin na'urar layi-layi tare da littafinka, domin shi ne hujja, ba rasit ɗin wani ba. Idan tsaba ta haura da daidai abin da asusu ya gaza, ba asara ba ce, turawa ce da ba ka rubuta ba. Ƙananan giɓi na ɗari biyu ko uku kuwa yawanci canji ne, ko cajin da aka haɗa cikin kati ya shiga asusu, ko kuɗin shayin da aka manta.

Sai batun gobe, domin 36,500 ba za ta kai ka hantsi ba a kasuwar da masu cirewa suka fi yawa. A ganina, yarjejeniya da dillalin tumatir ko dankali mai tara tsaba ta fi layin banki sauƙi: ka tura masa, ya ba ka tsaba, ku ƙirga a gaban juna, sannan ka rubuta sabon adadin buɗewa kafin ka rufe shago.