Cire tsohon miji daga hoton suna ba tare da an ɓata hoton ba

Tambaya: Malam, ina da hoton sunan 'yata guda ɗaya tak, wanda aka wanke a takarda. Ina zaune riƙe da jaririya, mahaifiyata (Allah ya jiƙanta) tana gefena, tsohon mijina yana tsaye a bayanmu, hannunsa a kafaɗata. Mun rabu lafiya, amma ina so in cire shi don kundina. Tsorona kada fuskar Inna ta lalace.

Amsa: Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. 'Yar'uwa, aikin zai yiwu, amma kada almakashi ko reza su kusanci takardar nan. A ɗora ta a sikana a kan 600 dpi, a adana da TIFF ko PNG, domin JPEG yana zubar da inganci duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Hoto mai inci 4 da 6 zai ba da ɗigo 2400 da 3600, ya isa a wanke shi har ninki biyu na girmansa. In za a turo miki ta WhatsApp, a turo a matsayin Document, in ba haka ba matse shi za a yi. Ki karɓi takardarki a ranar, ki adana. Mahaifin 'yarki ne a ciki, wata rana za ta nema.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya kullum a shago shi ne tunanin da mutane suke yi cewa in an ɗauke mutum daga hoto, abin da yake bayansa zai fito. Wallahi babu komai a bayansa. Kyamara ba ta ga bangon da ya tare ba, ba ta ga kafaɗarki da tafinsa ya rufe ba. Duk abin da zai cike gurbin, aro shi za a yi daga wani wuri ko a ƙirƙiro shi. Masu gyaran sha-yanzu-magani-yanzu sun san wannan, amma sai su zagaye mutum, su danna Content-Aware Fill na manhajar Photoshop sau ɗaya, su miƙo. Wannan kayan aikin yana kwaso abin da yake kusa ne ya cike da shi, ba ya bambanta labule da ɗankwali, kuma a hotonki abin da yake kusa shi ne kan Inna. Na taɓa karɓar hoton da aka yi wa haka: kunnen wata dattijuwa ya fito sau biyu, ɗaya a jikin bango. Mai gyaran ya so ya rufe ɓarnar, ya bi fuskarta ya goge har tsagen kumatunta suka ɓace, kuma a kan kwafi ɗaya tilo ya adana. 'Yarta ta tsaya a gabana tana kuka, tana cewa wannan ba uwarta ba ce. Ban iya dawo mata da tsagen ba.

Don haka mai gyara na ƙwarai yakan fara da killace ku ukun, ke da jaririya da Inna, a shimfiɗa ta daban da zai kulle, sannan ya gina bango a ƙarƙashinku da Clone Stamp, mai kwafo wani wuri na hoton ya ɗora a wani, kaɗan-kaɗan, yana bin layin labule ko gefen kabad. Ki binciko ko akwai wani hoton ɗakin na ranar, ko da ba ya da kyau. Bangon gaske ya fi na ƙirƙira.

Hannun da yake kafaɗarki shi ne mai wuya. In atamfa ce, zanenta yana maimaituwa, sai a aro daga ɗaya kafaɗar a juya ta. Amma juyawar takan juya haske ma: ɓangaren da yake fuskantar taga zai koma inuwa, dole a gyara da Dodge da Burn, masu ƙara haske da duhu. In kin yafa mayafi, an samu sauƙi, a ɗan faɗaɗa ninkinsa ya rufe wurin. Sai inuwarsa da filas ya jefa a bango, da surarsa in akwai madubi ko gilashin kabad a ɗakin. Waɗannan ake mantawa, sai a ga inuwar hula babu mai ita.

Kafin ki biya, ki sa a buɗe miki tsohon da sabon gefe da gefe, a girman 100%. Ki fara da fuskar Inna: ko ɗigo ɗaya bai kamata ya canza ba. Sannan ki dubi inda aka cike. Tsohon hoto yana da 'yan ƙananan tsaki-tsaki. In wurin ya yi sumul kamar an shafa mai, a sa masa Add Noise kaɗan ya daidaita da sauran. In sama ta yi fili da yawa bayan tafiyarsa, a rage hoton daga sama, ku dawo tsakiya.