Rance da Safe, Tallafi da Yamma

Tambaya: Malam, ni tafinta ce. Kwanan baya na yi tafinta a wani zama na kusan awa huɗu, baƙon yana maimaita wata kalma guda ta Turanci mai nufin kuɗin da za a ba mutum ya mayar. Da farko na ce "rance". Da hira ta yi nisa, aka shiga maganar mata, aka koma ta makaranta, aka ambaci banki, wani dattijo ya kawo karin magana a kan bashi, aka dawo, sai na ji kaina ina cewa "lamuni", wani lokaci "bashi", har da "tallafi". Da aka tashi wasu suka ce sun ji akwai kuɗin da ba sai an mayar ba. Ina na kauce, kuma yaya zan riƙe kalma ɗaya?

Amsa: Malama, kalmomin nan huɗu 'yan gida ɗaya ne, amma ba sa aro wa juna riga. Rance shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ya ƙare, sannan ka mayar da kwatankwacinsa. Shi ya sa ake rancen kuɗi, ba a aronsu a tsantsar magana, domin aro abin da ka karɓa shi za ka mayar da kansa. Bashi ya fi faɗi: duk abin da ake bin mutum bashi ne, ko ranta ya yi, ko kaya ya ɗauka bai biya ba, ko ladan aikin wani ne ya riƙe. Lamuni a asalinsa tsaya wa wani ne, ka ce in bai biya ba a kama ka, ko da yake yanzu an saba jin sa a kafafen labarai da ma'anar rancen banki. Tallafi kuwa, a kunnen yawancin masu sauraro, ba a biyan sa. Wanda ya ji kalmomi huɗu daga bakinki yana da hujjar ɗauka cewa abubuwa huɗu ake magana, kuma zai riƙe wanda ya fi masa daɗi.

Ga yadda zamewar take faruwa. Ba mantuwa ba ce kawai. Kowane batu yana zuwa da kalmomin da suka saba tafiya tare da shi. Ana maganar lissafi da wa'adi, "rance" na zaune daram. Da aka koma kan mata da ƙananan sana'o'i, sai bakin ya tafi inda ya saba, domin "tallafa wa mata" magana ce da harshe ya riga ya haddace. Da wani dattijo ya tsoma baki ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, aka yi dariya, sai kalmarsa ta maƙale miki, kika ci gaba da ita. Da aka ambaci banki, "lamuni" ya shigo da kansa. A kowane wuri kalmar da kika faɗa ta yi daidai da jimlar da take ciki, shi ya sa ba ki ji komai ba. Ɓarnar ba ta bayyana sai an jera farkon zama da ƙarshensa.

Maganin yana farawa kafin a zauna. Ki tambayi mai magana kalmomi uku ko huɗu da zancensa ya rataya a kansu, ki kuma tambaye shi abin da suka ƙunsa. A nan tambayoyin su ne: za a biya? Akwai kuɗin ruwa? Akwai jingina ko mai tsayawa? Amsar ita ce za ta zaɓa miki kalma. Ƙamus ba zai yi miki wannan ba. Ko babban ƙamus ɗin Bargery na 1934 kika buɗe, aikinsa ya nuna miki kalmomin da suke akwai da ma'anoninsu, bai san abin da baƙonki yake nufi ranar ba.

In kin zaɓi "rance", ki ɗaure shi a gaban kowa karon farko da ya fito: "Wannan kuɗi rance ne, wato za a mayar da shi. Duk inda kuka ji na ce rance, shi nake nufi." Jimla biyu ne, amma sun mai da masu sauraro 'yan gadinki, don in kin kauce wani zai ɗaga kai. Sannan a takardar da ke gabanki ki rubuta kalmar baƙon, ki rubuta "rance" kusa da ita, a ƙasa ki jera bashi, lamuni, tallafi, ki ja musu layi. Ni na fi ba jerin da aka soke muhimmanci, domin tafinta ba ya manta kalmar da ya zaɓa, makwabtanta ne suke shigo masa ta bayan gida. Lokacin duba takardar kuwa shi ne duk sanda batu ya juya, da kuma bayan an dawo daga hutu.

Akwai wurin da mutane ba sa lura: aikatau. Za ki iya riƙe "rance" har ƙarshe, amma ki rushe shi da cewa "za a raba muku" ko "za a taimaka muku da". Rabo da taimako suna jan hankali zuwa kyauta. Ki ce "za a ranta muku", "za ku mayar", "wa'adin biya". Kada kuma ki ji kunyar maimaici. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rashin gwaninta ne, kuma a insha'i da waƙa akwai gaskiya a ciki. A maganar da mutum zai sa hannu a kanta, sauya kalma don ado shi ne laifin. In kin gaji da ita, ki ce "shi", ko "wannan rancen", ko "kuɗin da muka ce za a mayar".

To, in wata daga cikin mahalarta ta tashi ta ce, "Yaushe tallafin zai iso?" fa? Nan kada ki gyara mata a ɓoye ki kai wa baƙo kalmarsa. Ki fassara abin da ta faɗa, da kalmar da ke nufin kyauta a harshensa, domin ya san an samu saɓani ya warware da bakinsa. Irin wannan tambaya, da irin "shi ma wannan biya za a yi?", su ne alamar farko cewa kalma ta rabu biyu a zukatan mutane.

Iyakar wannan ƙa'ida ita ce ma'ana. Wani lokaci mai magana yakan yi amfani da kalma guda a wurare biyu da nufi daban. Kalmar Turanci da ake fassarawa da kuɗin ruwa, alal misali, ita ce kuma ake faɗa don sha'awa. In ya ce yana da sha'awar ilimin yara, ba za ki ce yana da kuɗin ruwa ba don kawai ki cika alkawari. Abin da kike riƙewa shi ne: abu ɗaya, suna ɗaya. In kuma a tsakiyar zama ya bayyana cewa akwai wani kaso da ba a biya, to an samu abu na biyu, sai ki ba shi sunansa a fili, ki ce daga yanzu akwai rance, akwai tallafi, ga bambancinsu.

In kin riga kin zame, kamar yadda ya faru, magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana bin ta da gyara. Ki nemi izinin mai magana ki ce: "Ɗazu na ce tallafi, kuskure daga gare ni ne. Rance ne, wanda muka fara da shi." Ki faɗa wa baƙon ma abin da kika gyara, don kada ya ga kina magana ba da bakinsa ba. Game da zaman da ya wuce kuwa, ki sanar da waɗanda suka shirya shi tun kafin a sa hannu a kowace takarda, su sake tara mutanen ko su aika musu da bayani a rubuce, da kalmar rance ita kaɗai daga sama har ƙasa.