Na hau lebul 09 amma sitef ya sauko, an cuce ni ne?

Tambayar da aka turo a guruf:

"Salam Kawu. Takardar ƙarin girmana ta fito, daga lebul 08 sitef 7 sun kai ni lebul 09 sitef 4. Ni dai gani nake an ba ni da dama an karɓe da hagu. Kuma albashin watan nan bai canza ba ko kwabo. Haka ake yi, ko in je in yi magana?"

Amsar Kawu, an rubuta ta daga muryar da ya turo:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, barka da arziki, Allah ya sanya alheri, ya sa ka ga na gaba da shi. Jama'ar guruf ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, don na san akwai ma'aikata da yawa a cikinmu daga nan Agege har su Idi Araba da Obalende, kuma wannan abu yana ɗaure wa mutane kai.

Saukowar lambar sitef ba cuta ba ce, haka tsarin yake. Amma ko sitef 4 ne haƙƙinka ko 5, wannan sai an zauna da teburin albashi an buga lissafi, kuma kai da kanka za ka iya bugawa.

Ka nemi teburin tukuna. Tunda kai ma'aikacin tarayya ne a ma'aikata, naka shi ne wanda aka rubuta CONPSS a samansa, hukumar albashi ta ƙasa ce ke fitar da shi. Ma'aikatan lafiya da malaman jami'a nasu daban ne, haka 'yan uwanmu da ke aikin gwamnatin jihar Legas a Alausa, su ma teburinsu daban, tunda a 2024 tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi dubu 70, jihar Legas kuwa ta sa dubu 85. To kada ka ɗauko na wani ka auna kanka da shi. In ka buɗe naka za ka ga lebul an jero su daga sama zuwa ƙasa, 01 har 17, sitef kuma sun tafi a kwance daga hagu zuwa dama. Daga lebul 01 zuwa 10 sitef 15 ne, daga 12 zuwa 14 sitef 11, daga 15 zuwa 17 sitef 9. Lebul 11 ba a zama a kansa a aikin tarayya, daga 10 sai 12. Kowane gida a teburin nan akwai kuɗi a ciki, kuma kuɗin shekara ne, sai ka raba gida 12 ka ga na wata.

Lebul muƙami ne, ba ya motsi sai da ƙarin girma. Sitef kuwa shekara ce ke tura shi, duk shekara ɗaya, in dai babu wani laifi da ya sa aka riƙe maka. Kai da ka shigo da digiri bayan bautar ƙasa, a 08 sitef 2 aka ɗauke ka. Kaiwarka sitef 7 na nufin ka daɗe a lebul ɗin fiye da shekara ukun da ƙa'ida ta ce, ka yi ta tara sitef kana jiran gurbi. Wannan tarawar ita ce ta kawo abin da ka gani.

Dalili kuwa, lebul ɗin suna shiga cikin juna. Wanda ya yi nisa a 08 ya fi wanda ya fara 09 ɗaukar kuɗi. Saboda haka in an ƙara maka girma, ba lambar sitef ɗinka ake ɗauka a kai sabon lebul ba, kuɗinka ake ɗauka a nemo masa mazauni. Dokar aikin gwamnati ta faɗi yadda ake yi. In albashinka bai kai sitef 1 na sabon lebul ba, a sitef 1 za a sa ka. In kuma ya wuce, to sai a fara ƙara maka sitef ɗin da da ma za ka samu a tsohon lebul ko ba a ƙara maka girma ba, sannan a duba sabon lebul, gida na farko da ya fi wannan kuɗin, nan ne wurinka.

Bari in buga maka da lambobi masu sauƙi. Waɗannan na misali ne don kai ya ɗauka, kai ka sa na teburinka. A ce 08 sitef 1 dubu 100 ne a wata, kowane sitef yana ƙara dubu 3. Sitef 7 ya zama dubu 118, sitef 8 kuma dubu 121. A ce 09 yana farawa daga dubu 108, kowane sitef dubu 4. Sai ka jero: 108, 112, 116, 120, 124. To kai kana kan 118. Da an bar ka a 08, sabuwar shekara za ta kai ka 121. Wannan 121 ɗin ita za a riƙe a shiga 09 da ita. Sitef 4 dubu 120 ne, bai kai ba. Sitef 5 dubu 124, ya wuce. A wannan misalin sitef 5 ne haƙƙinka.

Ka ga inda kuskure yake shigowa? In mai lissafin ya manta bai ƙara maka wancan sitef ɗin ba, da 118 zai shiga, ya ga 120 ta fi ta, ya ajiye ka a sitef 4. A takarda an ƙara maka girma, a aljihu kuwa abokinka da bai ci jarrabawa ba, wanda ya zauna a 08 sitef 8, ya fi ka da dubu ɗaya. Alamar da za ka gane ke nan. Duk ƙarin girman da ya bar ka ƙasa da abin da za ka ɗauka in da ba a yi shi ba, akwai gyara a cikinsa. Ban ce haka aka yi maka ba, mai yiwuwa a teburin gaske sitef 4 ɗin daidai ne. Ka duba gida biyu kawai: 08 sitef 8, da 09 sitef 4. In na 09 ɗin ya fi, kuma sitef 3 bai kai ba, an yi maka daidai, ka yi hamdala. In bai fi ba, ka rubuta.

Kuma kada ka raina sitef ɗaya, abin yana ba ni takaici in na ji yaro ya ce ai dubu huɗu ce, ko kuɗin danfo na mako daga Agege zuwa ofis ba ta kai ba. Sitef ɗin da aka rage maka yau bin ka zai yi. Baɗi kana baya da ɗaya, bayan shekara uku in za a kai ka lebul 10 daga wannan ƙasan za a yi lissafi, kuma kuɗin fanshonka, kashi 8 da ake cire maka da kashi 10 da gwamnati ke zubawa, duk a kan albashin ake auna su. Gyara a watan farko takarda ɗaya ce. In ka bari shekaru suka wuce, sai an tono fayil an sake lissafin kowane mataki, kuma babu mai son wannan aikin.

Za ka ce to ina amfanin ƙarin girman in bambancin ɗan kaɗan ne? Amfanin yana gaba. A misalin nan, a 08 duk shekara dubu 3 kake samu, a 09 dubu 4. Sannan kowane lebul yana da bango. Wanda ya kai sitef 15 ya tsaya ke nan, ko ya shekara nawa babu ƙari sai in an sake teburin gaba ɗaya. Na zauna ofis ɗaya da wani bawan Allah da ya kai ƙarshen lebul ɗinsa, duk Janairu yara na duba takardar albashi suna murna, tasa kuwa yadda take bara haka take bana, sai ya ninke ta ya sa a aljihun gaba bai ce komai ba. Saukowar da ka yi a sitef ta ba ka filin tafiya. Bayan haka agogonka ya fara sabon zagaye: daga 07 zuwa 14 shekara uku ake jira kafin a cancanci zama jarrabawa, 06 zuwa ƙasa shekara biyu, daga 15 zuwa sama shekara huɗu. Cika shekarun ba shi ne samu ba, sai ka ci jarrabawa, rahoton aikinka na shekara-shekara ya yi kyau, kuma akwai gurbi.

Sai maganar albashin da bai motsa ba. Wannan kada ya tayar maka da hankali yanzu. Masu ba da takarda daban, masu biya daban. Sai sashen ma'aikata na ofishinku ya rubuta sanarwar canjin albashi, ta bi ta wurin akanta da masu binciken kuɗi, sannan a shigar da ita IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, a Abuja. Yakan ɗauki watanni. Abin da za ka yi, ka sake karanta takardarka da kyau ka ga ranar da aka ce ƙarin girman ya fara aiki, galibi 1 ga Janairu ce. Wani lokaci rana biyu ake sawa, ɗaya ta lissafin girma a aiki, ɗaya ta fara biyan kuɗi. Ta farkon da ita ake ƙirga shekara ukunka na gaba, ta biyun daga ita ariyas ɗinka ke farawa. Bambancin tsohon albashi da sabo, sau watannin da suka wuce daga ranar kuɗin, shi ne bashin da kake bi. Sau da yawa sabon albashi yana fara shigowa, ariyas ya biyo baya daga baya, don haka ka riƙa ajiye takardar albashin kowane wata. A jikinta an rubuta lebul da sitef. Muddin tana nuna 08, ba a shigar da kai ba tukuna. Ranar da ta nuna 09, ka duba sitef ɗin ya yi daidai da na takardarka, kuma in Janairu ta ratsa kafin a shigar, ka tabbata an ƙara maka na sabuwar shekarar.

In lissafi ya nuna akwai gyara, kada ka je kana ɗaga murya a ofishin akanta. Ka rubuta wa shugaban sashen ma'aikata ta hannun ogan sashenku, layi kaɗan, ka kawo lambobin nan biyu na tebur. Ka haɗa da kwafin takardar ƙarin girma, da takardar albashinka ta ƙarshe a 08, da shafin teburin. Ka yi kwafi biyu, su buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe a gida.

Ka ɗauki hoton layin 08 da na 09 ka turo min ta gefe, ka rufe lambar ma'aikacinka da ta asusun banki in za ka haɗa da takardar albashi. Bayan sallar isha'i sai mu buga tare. Ka gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.